Wasiƙar dakatar da aiki saboda rashin biya: a janye ma'aikata, a bar ƙofa buɗe

"Assalamu alaikum. Ina da ƙaramin kamfanin shara da goge-goge a Mabera. Yarana huɗu ke aiki a wani gidan saukar baƙi, naira 240,000 a wata. Tun Yuli ba a biya ni ba, in ban da 100,000 da aka turo a Agusta, ga shi mun shiga Oktoba. Ga abin da na rubuta zan aika musu: 'Tunda kun raina mu, kun ƙi biyanmu haƙƙinmu duk da alkawuran ƙarya da kuke ta yi, daga gobe mun janye ma'aikatanmu. Ku nemi wasu. In ba ku biya ba za mu haɗu inda ya dace.' Maigidana ya ce ta yi zafi. Gaskiya ba na son rasa wurin, shekara uku muna tare. Don Allah a gyara mini ita."

Wata Hajiya daga Mabera, Sakkwato

Wa alaikumus salam, Hajiya. Maigidanki ya yi gaskiya, amma zafin ba shi ne babban aibin wasiƙar ba. Ki ɗauka ke ce manajan, an miƙo miki ita kin karanta, kuma a ranar zuciyarki ta yi sanyi kina son ki sasanta. Nawa za ki biya? Babu a ciki. Zuwa yaushe? Babu. In kin biya, yaran za su dawo? Takardar cewa ta yi ku nemi wasu. Abu ɗaya ta bar wa manajan ya yi, shi ne ya ji haushi, kuma zai ji. Na yi shekaru ina riƙe da lissafin wani kamfanin masu gadi a garin nan, rubuta irin wannan takarda na cikin aikina, kuma abin da na saba dubawa kafin ta fita daga ofis shi ne ko mai karanta ta zai iya ɗaukar waya ya warware matsalar ba tare da ya tambayi kowa komai ba.

Kafin mu zo kan kalmomi, akwai abu biyu da za ki tabbatar, domin su ne ke sa takarda ta tsaya da ƙafarta.

Kina da ikon dakatarwa kuwa?

Mutane da yawa suna ɗauka cewa da zarar ba a biya su ba, suna da damar ajiye aiki nan take. A dokar kwangila da kotunanmu ke bi abin bai kai nan sauƙi ba. Jinkirin biya shi kaɗai ba ya ba ɗaya ɓangaren ikon tsayar da aiki kai tsaye, sai in yarjejeniya ta tanadi haka, ko kuma rashin biyan ya yi girman da ya nuna cewa wancan ɓangaren ya yi watsi da yarjejeniyar. Wanda ya janye ma'aikata dare ɗaya, ba sanarwa, yana iya wayar gari shi ake tuhuma da karya alkawari: baƙi sun tarar da ɗakuna ba shara sun fita, an yi asara, sai a ce a cire asarar daga bashinki. Kalmar "daga gobe" da kika sa, ita ce mafi haɗari a duk wasiƙar.

Saboda haka ki ɗauko takardar yarjejeniyar da kuka sa wa hannu shekara uku da suka wuce, ki nemi wurin da ya yi maganar ranar biya, da wurin da ya yi maganar dakatarwa ko rabuwa. In ta ce sanarwar kwana 14, kwana 14 za ki bayar, kada ki rage ko ɗaya. In ta ce wata guda, sai haƙuri, wata gudan. In kuma, kamar yadda ya fi yawa a nan, magana ce ta fatar baki da aka yi a ofishin manaja aka tafa, to ba ki rasa komai ba: bil-bil ɗin da kika riƙa kaiwa da alat ɗin da suka riƙa shigowa shekara uku sun isa su nuna akwai yarjejeniya, sun kuma nuna nawa ne kuɗin wata. Sai dai a nan ke za ki yanka wa'adin da kowane mai hankali zai ce an yi adalci. Ga aikin shara a wurin da ke karɓar baƙi kullum, ni mako biyu nake bayarwa. Ya ishi mai niyyar biya ya nemo kuɗi, ya kuma ishi marar niyya ya yi shirinsa, ta yadda ba zai ce an shammace shi ba.

Ki kuma rarrabe dakatarwa da soke yarjejeniya, domin wasiƙarki ta cakuɗa su. Dakatarwa na nufin yarjejeniya na nan da ranta, aiki ne kawai ya tsaya har a cika wani sharaɗi. Sokewa na nufin an rabu, sai bin bashi. "Ku nemi wasu" sokewa ce. Tunda ba ita kike so ba, dole takardar ta faɗa ƙarara cewa ba a soke komai ba.

Lissafin ya zama na kowa da kowa

Abu na biyu adadi ne, kuma a nan na taɓa shan kunya. A farkon aikina na rubuta wa wata makaranta mai zaman kanta takarda mai kaushi a kan kuɗin gadi na wata biyu. Washegari da hantsi mai makarantar, dattijo, ya zo ofishinmu da kansa. Bai ɗaga murya ba. Ya gaisa da kowa, ya zauna, ya zaro ambulan daga aljihun babbar rigarsa ya shimfiɗa rasit biyu a kan teburina, ya sa yatsa ya danne gefen ɗaya don kada fanka ta ɗauke ta. Sa hannun mai kula da masu gadinmu ne a jiki. Kuɗin an ba shi a hannu, bai kawo ba. Dattijon ya ce, "Ɗana, da ka tambaya kafin ka rubuta." Mun ba da haƙuri, ya ce ya yafe, amma da zangon karatu ya ƙare bai sabunta da mu ba.

Tun daga ranar ba na rubuta adadi sai na bi ta kan bayanan asusun banki wata-wata, na tambayi duk wanda zai iya karɓar kuɗi a madadin kamfani, na kuma duba ko abokin hulɗar yana cire harajin da doka ta ce a riƙe daga kuɗin kwangila kafin ya turo, domin wani lokaci gibin da kake gani a nan yake. Ke ma ki yi haka. Ki tambayi shugabar yaranki ko an taɓa miƙa mata wani abu, ko da "na sabulu" aka kira shi.

Bisa abin da kika faɗa, ga yadda naki yake. Yuli, Agusta da Satumba, kowanne 240,000, sun haɗu 720,000. An biya 100,000, saura 620,000. Wannan 100,000 ɗin ki ɗora ta a kan mafi tsufan bashi, wato Yuli, sai ragowar Yuli ta zama 140,000. Oktoba ba ta shiga ba tukuna tunda wata bai ƙare ba, amma takardar za ta ambace ta don kada daga baya a ce ba a sani ba. Kada ki ƙara ko sisi da sunan tarar jinkiri. In ba ta cikin yarjejeniya ba ki da hurumin ƙirƙiro ta, kuma a garin nan da manaja ya ga ƙari a kan bashi kalmar riba ce za ta fara fitowa daga bakinsa, daga nan magana ta tashi daga kan kuɗinki ta koma kan addininki.

Yana da kyau kuma ki san wane irin rashin biya ne, domin shi zai nuna miki faɗin ƙofar da za ki bari. Wani ba shi da shi ne: baƙi sun yi ƙaranci, dizal ya cinye ciniki. Irin wannan yakan ɗauki wayarki, yakan turo ɗan abin da ya samu ba ki roƙa ba, kuma za ki ji ma'aikatansa su ma suna kukan albashi. Wani kuma bil ɗinki ne ya maƙale a teburin akanta ko yana jiran sa hannun mai wurin da ke Abuja ko Kaduna, manajan kuma kunya ta hana shi ce miki ba shi ke da wuƙa da nama ba. Wani yana da ƙorafi a kan aikin, bai faɗa ba, ya riƙe kuɗi a maimakon magana. Sai na ƙarshe, wanda na fi gani: kuɗin na shigowa, amma ana biyan wanda rashin biyansa zai fi ciwo. Mai kawo dizal ba ya kwana biyu bai karɓi nasa ba, domin in ya ƙi kawowa wuta ta ɗauke a daren. Ke kuwa yaranki na zuwa kowace safiya ko an biya ko ba a biya ba, sai kika koma ƙarshen layi, kullum amsar ɗaya ce, "Hajiya, kuɗɗinki na nan tahe." Addininmu ma ya raba waɗannan: aya ta 280 ta Suratul Baƙara ta ce a jinkirta wa wanda ke cikin ƙunci har ya samu sauƙi, hadisi kuma ya ce taurin bashin mawadaci zalunci ne. Tunda an turo miki 100,000 a Agusta, ina kyautata zaton naki na tsakanin na farko da na ƙarshe. Wasiƙar da ke ƙasa ta dace da duka huɗun, domin ba ta zargi kowa da komai ba.

Ga yadda zan rubuta ta

A kan takarda mai ɗauke da sunan kamfaninki, da kwanan wata, na ɗauka Litinin 6 ga Oktoba, 2025. Ki sauya ranakun su dace da ranar da za ki aika.

Zuwa ga Manaja,

Sanarwar dakatar da aikin shara na ɗan lokaci saboda kuɗin da ba a biya ba

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, muna godiya da hulɗar da ke tsakaninmu shekara uku ke nan.

Bisa lissafinmu, zuwa yau akwai naira 620,000 da ba a biya ba na aikin shara da goge-goge: ragowar Yuli 140,000 bayan cire 100,000 da kuka biya a Agusta, sai Agusta 240,000, da Satumba 240,000. Mun haɗo kwafin bil na kowane wata. Idan lissafinku ya bambanta da namu, ko akwai wani ƙorafi game da aikinmu, muna roƙon ku sanar da mu kafin Juma'a 10 ga Oktoba domin mu zauna mu daidaita.

Albashin ma'aikata huɗu da ke aiki a wurinku da kuɗin kayan aiki daga wannan kuɗin suke fitowa, kuma ba za mu iya ci gaba da ɗaukar nauyinsu daga aljihunmu ba. Don haka, idan ba a biya ba zuwa ƙarfe 4 na yammacin Juma'a 17 ga Oktoba, za mu dakatar da aiki daga safiyar Litinin 20 ga Oktoba, 2025. Har zuwa wannan rana ma'aikatanmu za su ci gaba da aiki kamar yadda aka saba.

Wannan dakatarwa ce kawai, ba soke yarjejeniyarmu ba. Ba za mu nemi kuɗin kwanakin da ba a yi aiki ba; bil ɗin Oktoba zai tsaya ne a kan kwanakin da aka yi aiki.

Ba za a dakatar da aikin ba, ko kuma zai dawo cikin kwana biyu na aiki, idan aka yi ɗaya daga cikin biyun nan: a biya 620,000 gaba ɗaya, ko a biya 380,000 yanzu, sauran 240,000 a biya kashi biyu, 120,000 ranar 28 ga Nuwamba da 120,000 ranar 29 ga Disamba, tare da biyan kuɗin kowane sabon wata a kan lokacinsa, bisa rubutacciyar amincewarku. Karɓar wani ɓangare na kuɗin ba yafe sauran ba ne.

Za mu riƙe muku waɗannan ma'aikata huɗu har zuwa 19 ga Nuwamba. Bayan nan za mu tura su wani wurin, kuma dawo da aiki zai buƙaci sabon shiri.

Za a iya biya ta asusun kamfaninmu da ke jikin bil. Ina nan a shirye mu zauna a duk ranar da ta yi muku a wannan makon. Muna fatan ci gaba da aiki tare da ku.

Wassalam. Sai sunanki, muƙaminki, sa hannu da lambar wayarki.

In yarjejeniyarku a rubuce take, ki ƙara rabin layi a sakin layi na uku, "kamar yadda sashe kaza na yarjejeniyarmu ya tanada", ki sa lambar sashen. In kuma da Turanci kuke mu'amala da su a takarda, a juya ta yadda take, kada mai juyawar ya ƙara mata barkono.

Abin da na cire, da dalili

"Kun raina mu" da "alkawuran ƙarya" hukunci ne a kan halin mutum, kuma ba za ki iya tabbatar da su a gaban kowa ba. Abin da za ki iya tabbatarwa shi ne wata kaza, naira kaza. Akwai kuma wani abu da masu rubutu cikin fushi ke mantawa: wannan takarda ba manaja kaɗai zai karanta ta ba. Ita ce zai ɗauka ya kai wa mai wurin don a saki kuɗi. In da zagi a ciki ba zai kai ba, domin babu mai kai wa maigidansa takardar da ta kira shi maƙaryaci. Zai jefa ta a durowa. In kuwa lissafi ne tsaf da ranaku, kin ba shi makamin da zai je ya ce, "Alhaji, ga fa abin da ke tafe ranar 20." Sau da yawa manajan da kike jin haushinsa shi ne zai yi miki yaƙin a ciki, in kin bar masa fuskar yin hakan.

"Za mu haɗu inda ya dace" ma na cire ta. Barazana ce marar suna, kuma kowa zai fassara ta da 'yan sanda. Bashin kwangila ba hurumin 'yan sanda ba ne; sashe na 32 na Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ya hana kama mutum a kan karya kwangila ko rigimar da ba ta laifi ba kawai. Wanda ya kai irin wannan ƙara caji ofis yana iya ƙarewa shi ake nema da diyya. Maganar lauya da kotu tana da ranarta, a wata takarda daban, in wannan ba ta yi aiki ba. Haɗa su wuri ɗaya kamar miƙa wa mutum hannun gaisuwa ne da sanda a ɗaya hannun.

Za ki lura kuma ban sa ban-haƙuri ba. Wannan shi ne ramin da ke ɗaya gefen, kuma mu nan mun fi faɗawa cikinsa saboda kunya da kara. Na sha ganin takardar da ta fara da "muna matuƙar ba da haƙuri", ta bi da "in Allah ya hore muku", ta ƙare da "duk yadda kuka gani", har mai karatu ya kai ƙarshe bai gane an dakatar da wani abu ba. Gaisuwa layi ɗaya, godiya layi ɗaya, sun wadatar. Ladabin wasiƙar yana cikin wa'adin da kika bayar da damar da kika ba su su musanta lissafin, ba cikin yawan rusunawa ba.

Ƙofar komawa

Ƙofar da aka ce "a buɗe take" ba tare da an faɗi tsawonta da faɗinta ba, ba ƙofa ba ce. Shi ya sa sakin layi na biyar ya fi kowanne aiki. Ban zaɓi 380,000 da ka ba. Ita ce ragowar Yuli da Agusta cif, 140,000 da 240,000, ta yadda in an biya ta bashin ya koma na wata ɗaya tal, abin da ƙaramin kamfani zai iya numfashi da shi. Ki gwada ta da naki lissafin: a ce albashin yaran da omo da sinadarin wanke bayi da kuɗin mota suna cin 190,000 a wata, to wata uku kin zuba 570,000, an mayar miki da 100,000. Duk adadin da za ki karɓa ki dawo aiki, ya zama ya rufe mafi yawan wannan ramin. In kika yarda da 50,000 "a fara da ita", kin sayar da dakatarwarki da araha, kuma wata mai zuwa nan za ku dawo.

Sharaɗin biyan sabon wata a kan lokaci shi ma kada ki sake shi. In babu shi, za a riƙa ba ki 120,000 na tsohon bashi ana riƙe 240,000 na sabo, bashin na ƙaruwa alhali kowa na ganin ana biya. Sai kuma "rubutacciyar amincewa": ba sai an kira lauya ba, layi uku da sa hannun manaja sun isa, cewa sun amince ana bin su kaza kuma za su biya a ranaku kaza. Wannan 'yar takarda ta fi alkawarin baki goma, domin daga ranar babu sauran musu a kan adadin. In ya nuna kamar kin ƙi yarda da shi ne, ki tuna masa cikin raha cewa aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka.

Ranar 19 ga Nuwamba kuma ba don tsoratarwa na sa ta ba. Gaskiyar sana'arki ce: ba za ki iya ajiye mutum huɗu suna zaune kina biyansu ba iyaka. Wurin ya saba da waɗannan yaran, sun san kowane ɗaki da inda ake ajiye zannuwan gado, an kuma yarda da amanarsu a ɗakunan baƙi. Rasa su asara ce ga manajan, kuma yana da kyau ya san ranar da zai rasa su. In wata guda ya yi miki nauyi, ki mayar da shi mako biyu, amma ki rubuta abin da za ki iya cikawa.

Yadda za ta isa hannunsu

Kada takarda ta riga muryarki isa. Bayan shekara uku ana gaisawa, mutum ya ga ambulan kwatsam zai ji kamar an yi masa sammaci. Ki kira manajan tukuna, ku gaisa, ki ce, "Ranka ya daɗe, nauyin yaran nan ya fi ƙarfina, zan aiko da takarda don ka samu abin nuna wa Alhaji." Sannan ki aika kwafi biyu da wani babba a kamfaninki, ba cikin masu sharar ba, a karɓi ɗaya, a buga hatimi ko a sa hannu da kwanan wata a ɗayan a dawo miki da shi. Ki ɗauki hotonta ki tura wa manajan ta WhatsApp, shi kaɗai. Saƙon waya na iya zama hujja a kotu ƙarƙashin sashe na 84 na Dokar Shaida ta 2011, amma kwafi mai hatimi ya fi sauƙin gabatarwa nesa ba kusa ba. Kada ki saka ta a wani zaure, kada ki ba 'yan'uwanki masu sana'a labari da sunan wurin. Sakkwato ƙarama ce a wannan fannin. Abin da aka faɗa a Mabera da safe ya kai Gawon Nama kafin la'asar, kuma wanda aka tona wa asiri ko ya biya ba ya dawowa.

Yaranki ki gaya musu da bakinki, ki kuma ja musu kunne: aiki kamar kullum har ranar ƙarshe, ba gunaguni, ba faɗa wa baƙi ko masu gadi. Mako biyun nan su ne manajan zai tuna in yana shawarar ko ya dawo da ku.

In Juma'a 17 ta zo ba alat, to ranar Litinin kada kowa ya je. Wannan shi ne wurin da yawancinmu ke karaya: a kira ki daren Lahadi a ce gobe-gobe, ki tura yara. Da kin yi haka sau ɗaya, duk takardar da za ki sake rubutawa ta zama ta nannaɗe ƙosai. In kina son ƙara musu kwana uku saboda wani dalili da kika gamsu da shi, ki ƙara a rubuce, da sabuwar rana. A ranar aiki ta ƙarshe a ƙirga kayanki, bokitai da mofa da injin goge tayil in akwai, a fito da su a gaban wani ma'aikacinsu. Makullan sito da na ɗakuna a miƙa su a karɓi sa hannu. Kada ki riƙe ko makulli ɗaya a matsayin jingina. Kayansu ne, riƙe shi zai ba su abin faɗa a kanki.

Ni akanta ne, ba lauya ba, kuma ban ga takardar yarjejeniyarku ba. In kin duba kin tarar ta hana dakatar da aiki, ko ta ce sai an bi ta sulhu tukuna, ko ta ɗora miki tara in kin janye, ki kai ta wurin lauya kafin ki aika komai. Haka nan da a ce asibiti ne yaranki ke sharewa ba masauki ba, da ban ba ki shawarar mako biyu ba, domin can ƙazanta na taɓa marasa lafiya da ba su ci bashin kowa ba, sai a tsawaita wa'adi a kuma fara da rage aikin ofisoshi kafin a taɓa ɗakunan jinya.

Ki sa ran kira a ranar da takardar ta isa, kuma kusan na san abin da za a ce: "Haba Hajiya, tsakaninmu har da takarda?" Kada ki kare kanki, kada ki koma lissafa alkawuran baya. Ki ce takardar ta lissafi ce, zumunci na nan inda yake, sannan ki tambaye shi wanne daga cikin hanyoyin biyu ya fi masa sauƙi. In ya kawo ta uku, misali 300,000 yanzu da sauran kashi uku, ki ce za ki duba ki ba shi amsa gobe, ki koma ki auna ta da albashin yaranki kafin ki amsa. Duk abin da kuka tsayar, ki rubuta shi a saƙo a daren, ki nemi ya amsa da "na amince". Ranar da kuɗin ya shigo kuma ki aika 'yar gajeriyar takarda ta biyu: mun karɓi naira kaza ranar kaza, mun gode, saura kaza da za a biya a ranaku kaza, ma'aikata za su dawo ranar kaza da ƙarfe 7 na safe. Ki haɗa da rasit, ki ajiye kwafi a fayil ɗaya da ta farkon.